Bashin 'yan fansho: a fara da lika jerin sunaye

A duk lokacin da aka sanar a rediyo cewa gwamnati ta saki kuɗi domin biyan 'yan fansho, sai ka ji mutanen Gombe suna taya tsofaffin ma'aikata murna, alhali da yawa daga cikinsu ba su san ko sunansu yana cikin waɗanda za a biya ba. Ni a ganina wannan rashin sani ya fi jinkirin kansa cutar da su, kuma a kansa ya kamata ƙungiyarsu ta fi tsayawa.

Abin da ake kira ariyas ba bashi ɗaya ba ne, basussuka uku ne da ake cakuɗawa. Akwai garatuti, wato kuɗin sallama da ake biya dunƙule sau ɗaya. Akwai fanshon watannin da ke tsakanin ranar da aka tsayar da albashin mutum da ranar da sunansa ya shiga jerin masu karɓar fansho. Sannan akwai ƙarin da ya kamata a yi wa fansho amma ba a yi ba, domin sashe na 210 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a sake duba fanshon ma'aikatan jiha duk bayan shekara biyar, ko kuma a duk lokacin da aka sake duba albashin ma'aikata, duk wanda ya riga zuwa. An mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 30,000 a 2019, aka kai shi 70,000 a 2024, saboda haka duk tsohon da fanshonsa bai motsa ba a waɗannan lokuta yana da hujjar da zai tsaya a kanta. Gwamnati tana iya cewa tana biyan fansho duk wata ba fashi, kuma gaskiya ta faɗa, amma biyan na wata-wata ba ya rage komai daga basussukan nan uku.

Mu ɗauki misalin ma'aikacin da ya cika shekara 35 yana aiki a ƙarƙashin tsohon tsarin fansho, wanda albashinsa na shekara da ake lissafi da shi ya kai Naira 1,200,000. Jadawalin da aka saba aiki da shi ya ba mai shekara 35 garatuti ninki uku na albashin shekara, da fansho kashi 80 cikin ɗari. Ke nan garatutinsa 3,600,000 ne, fanshonsa kuma 80,000 a wata. Idan fayil ɗinsa ya shafe wata tara yana zagaye tsakanin ma'aikatarsa da ofishin fansho da wurin odita kafin a sa shi a layin biya, ya biyo gwamnati wasu 720,000. Wannan bashi na biyu shi ne ya fi saurin ɓacewa, domin da zarar kuɗi ya fara shiga asusu, mutum yakan yi hamdala ya mance da watannin baya, kuma ba kasafai wani zai tuna masa ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a kwatanta ranar ritaya da ke jikin takardar amincewa da ranar da fansho na farko ya shiga a takardar bayanan banki, a kuma duba ko biyan farkon ya haɗa da watannin da suka wuce.

Shi kuwa garatuti, illar jinkirinsa ita ce ana biyan adadin da aka rubuta ne, ba darajarsa ba. Wanda aka lissafa wa 3,600,000 lokacin da litar fetur ba ta kai Naira 200 ba, idan sai bayan cire tallafi a 2023 aka biya shi, kuɗin da ya yi niyyar ƙarasa gida da aurar da 'ya'ya da su ba za su yi rabin aikin ba. Daga nan ne 'yan kamasho suke samun shiga. Wani zai raɗa wa dattijo cewa yana da hanya, in ya yarda a cire wani kaso za a fito masa da fayil, shi kuma da ciwon suga da kuɗin makarantar yara a wuyansa sai ya yarda. Ba na ganin laifin dattijon ko kaɗan. Amma duk wanda aka tsallakar da shi gaba, wani aka mayar baya, kuma sau da yawa wanda aka mayar ɗin gwauruwa ce a Nafada ko Balanga wadda ba ta da ko kuɗin motar zuwa Gombe.

A 'yan shekarun nan an ga gwamnatin jiha tana biyan garatuti rukuni-rukuni bisa shekarar ritaya, kuma wannan tsari ne mai kyau. Abin da zai kammala shi shi ne reshen ƙungiyar 'yan fansho ta ƙasa, NUP, ya mallaki rajistarsa ta kansa. A kowace daga cikin ƙananan hukumomi 11 a zauna a rubuta suna, lambar fayil, ma'aikata, matakin albashi, ranar ritaya, adadin garatutin da aka amince, abin da aka biya da abin da ya rage, tare da kofin takardar kama aiki, ta ƙarin girma na ƙarshe da ta lissafin haƙƙi. A ware ma'aikatan jiha daban, na ƙananan hukumomi da malaman firamare daban, domin ba daga aljihu ɗaya ake biyansu ba. A kuma buɗe shafi na musamman ga waɗanda suka rasu, domin magada ba sa karɓa sai da takardar shaidar mutuwa da takardar izinin gado daga kotu, kuma da yawa ba su san haka ba sai ranar biya. Idan an gama, a nemi gwamnati ta lika jerinta a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma kafin kowane biya, domin a gwada da na ƙungiya. Shugaban da ya shiga ofis riƙe da irin wannan rajista ba za a sallame shi da cewa ana kan tantancewa ba, tun da zai iya tambayar wane suna ne ake shakka a kansa.

Ɗan fansho ba shi da aikin da zai yi wa yaji, shi ya sa zaman dirshan a ƙofar ofis yakan ƙare da alkawari kawai. Ƙarfinsa yana wurin ma'aikatan da ke bakin aiki, kuma tun da NUP tana ƙarƙashin ƙungiyar ƙwadago ta NLC, ya dace a dage cewa duk yarjejeniyar albashi da za a sa wa hannu ta ƙunshi ƙarin fansho da adadin da za a riƙa warewa duk wata domin garatuti.

Kotu ma hanya ce, kuma kotun ma'aikata ta ƙasa ce ke da hurumin shari'ar fansho da garatuti, sai dai kada a ruɗi tsofaffi cewa hukunci kuɗi ne a hannu. Kafin a taɓa kuɗin gwamnati da ke hannun jami'inta, doka ta buƙaci amincewar babban lauyan gwamnati, wato lauyan wanda ake bi bashin. Duk da haka hukuncin yana tabbatar da adadin bashin a rubuce, kuma lauya ba zai iya shigar da ƙarar mutum ɗari biyar ba sai da lissafin kowane ɗaya, wanda ba inda zai samo shi sai a waccan rajista.