Kashi 25 na me? Na uwar kuɗi ko na ciniki?

'Yan'uwana 'yan kasuwa, musamman masu saro kaya daga Kantin Kwari suna sayarwa a waya, akwai lissafin da ke cin ribarku a ɓoye, kuma abin yana damuna ƙwarai.

A ce turmin atamfa ya tsaya maka ₦15,000, har da kuɗin mota da na dako. Kana son kashi 25 cikin 100. Yawancinmu kalkuleta za mu ɗauka mu ɗora kashi 25 a kan uwar kuɗi, wato ₦3,750, mu sa farashi ₦18,750. To yanzu raba wannan ₦3,750 da kuɗin da mai saye ya miƙo maka. Kashi 20 za ka gani. Ribar ba ta canza ba, abin da ake auna ta da shi ne ya canza. Da farko da ₦15,000 ka auna, yanzu da ₦18,750, kuma tunda kuɗin sayarwa ya fi na sari yawa, dole kason ya ragu.

In abin da kake nufi shi ne a kowace ₦100 da ta shigo aljihunka ₦25 riba ce, to ₦75 da ta rage ita ce uwar kuɗi. Don haka rabawa za ka yi: 15,000 ÷ 0.75 = 20,000. Farashinka ₦20,000, ribarka ₦5,000. Tazarar ₦1,250 ce a kowane turmi, turmi 100 kuwa ₦125,000 ke nan.

Ni dai ra'ayina, ɗan kasuwa ya riƙa lissafi daga ciniki. Dalili kuwa, ragin da kake yi wa kwastoma da la'adar dillali yawanci daga kuɗin sayarwa ake cire su. Wanda ya sa ₦18,750, sai sallah ta ƙarato ya yi shelar ragin kashi 20, yana zaton ai 25 ya ɗora, saura 5 nasa ne. Ina! Kashi 20 na ₦18,750 shi ne ₦3,750 cif. Ya koma ₦15,000, ya yi wa mutane dako a banza, ga haya tana jiransa.

Kuma tazarar tana ƙara faɗi ne yayin da kason ke hawa. Ko ka ninka farashi biyu, wato ka ɗora kashi 100, rabin cinikin ne kawai riba. Ɗori a kan uwar kuɗi yana iya wuce 100, amma riba daga ciniki ba ta kaiwa 100 muddin da kuɗi ka saro kayan.

Ƙarshen wata, tara cinikinka, cire kuɗin sarin kayan da suka fita, ka raba abin da ya rage da cinikin. In kana sa ran 0.25 sai ka ga 0.20, ko bashi ba a ci ka ba, ɗori ka yi a inda ya kamata ka raba.