Takardar da aka aiko wa iyayen da ba su halarci taron makaranta ba

Ban samu halartar taron iyaye da malamai na wannan zangon ba saboda ranar ina bakin aiki, kuma hankalina bai tashi ba, domin takardar gayyata ta ce za a naɗi muryar duk abin da aka faɗa, sannan a aiko wa waɗanda ba su zo ba taƙaitaccen bayanin tambayoyi da amsoshi. Takardar ta iso hannuna bayan kwana 19, a duƙunƙune cikin jakar ɗiyata, shafi ɗaya tak, ɗauke da tambayoyi shida. A ƙasanta akwai wurin da aka ce in sa hannu cewa na karanta kuma na amince, in mayar cikin kwana biyu. Da na sa hannun na wuce, ba don wata uwa da 'yarta ke aji ɗaya da tawa ta nuna mini abin da ta rubuta a littafinta ranar taron ba. Ita ta ƙirga tambayoyi 14.

Ban ce dole a kwafe kowace kalma ba. Taƙaitawa sai da yanka, kuma daidai ne a haɗe tambayoyi biyu masu kama da juna, a cire gaisuwa da godiya, a kuma cire sunan kowane yaro da aka ambata, don ba ya kyautu matsalar ɗan wani ta zaga gidaje a rubuce. Abin da ya ɓata mini rai shi ne inda wuƙar ta bi, domin duk inda hukumar makaranta ta ɗauki alkawari, ko ta rasa amsa, nan ne aka yanke.

Ga misali na farko. A takardar an rubuta: "An yi tambaya game da koyar da lissafi a aji biyar, kuma hukumar makaranta ta tabbatar wa iyaye cewa ana ɗaukar matakan da suka dace." Wanda ya karanta wannan zai ɗauka hira aka yi kan dabarun koyarwa. Alhali abin da ya faru shi ne, wani uba ya miƙe ya ce mako biyar ke nan ajin ba shi da malamin lissafi, sannan ya jero tambayoyi uku: yaushe sabon malami zai zo, wa ke riƙe da ajin kafin nan, kuma shin jarrabawar ƙarshen zango za ta ƙunshi darussan da ba a koyar ba? Shugaban makaranta ya amsa ta farko, ya ce za a kawo malami a mako na biyu bayan hutun tsakiyar zango. Ya amsa ta biyu, ya ce mataimakinsa ke shiga ajin sau biyu a mako a maimakon sau biyar da ke cikin jadawali. Ta ukun kuwa ya ce sai ya tuntuɓi malamin da ke kula da jarrabawa, wato bai amsa ba.

A duba abin da ya salwanta a cikin wannan jimla guda. Mako biyar ya ɓace, don haka uban da bai zo ba bai san girman giɓin ba. Darasi uku da ake rasawa kowane mako sun ɓace, kuma ko a ce mataimakin ya fara shiga tun makon farko, darasi 15 ke nan yaran suka yi asara. Lokacin da aka ɗibar wa zuwan malami ya ɓace, kuma shi kaɗai ne abin da iyaye za su iya riƙewa su koma makaranta su ce an yi alkawari ba a cika ba. Tambayar da ba a amsa ba ta shige cikin "matakan da suka dace", kamar an gama da ita. Yanzu idan jarrabawa ta zo da abin da ba a koyar ba, yaran suka faɗi, wa zai ce an taɓa tayar da maganar? Takarda ba ta shaida ba, mu kuma mun sa hannu.

Na biyun ya fi wannan muni, ko da yake bayaninsa gajere ne. Takardar ta ce iyaye sun amince a ƙara awa ɗaya a lokacin tashi domin ƙarin darasi. Bisa abin da uwar nan ta rubuta, kuma wani uba da na tambaya daban ya tabbatar, shawara ce aka gabatar, mutane da dama suka nuna damuwa kan ɗaukar yara, aka ce za a sake zama a kai. Ba a ɗaga hannu ba, ba a ƙirga kowa ba. Abin da aka tattauna daban, abin da aka zartar daban, kuma duk takardar da ta ce an amince ya wajaba ta faɗi yadda aka amince da adadin waɗanda suka yarda da waɗanda suka ƙi. Sai a lokacin na gane amfanin wurin sa hannun nan: amincewar da ba a samu a zauren taro ba ake so a tattara daga gidajen waɗanda ba su ji komai ba. Wannan yaudara ce, ko da wanda ya tsara ta bai kira ta da wannan suna ba.

Da na sake karanta takardar, sai na ga alamomin suna nan tun farko, ni ce ban lura ba. Babu amsa ko ɗaya mai ɗauke da rana, ko adadi, ko muƙamin wanda zai aiwatar. Komai "an tattauna", "za a duba", "ana ƙoƙari". Babu tambaya ko ɗaya da aka rubuta cewa tana jiran amsa, alhali duk wanda ya taɓa zama a taron iyaye ya san da wuya a tashi ba a bar wata a rataye ba. Tambayoyin ma an sake musu kama, sun koma kanun magana. Sannan hatimin ofishin shugaban makaranta kaɗai ke jiki, babu sa hannun sakataren ƙungiyar iyaye da malamai, babu na shugabanta. Ashe wanda aka titsiye da tambayoyi shi ya zaɓi waɗanda za mu gani, shi ya rubuta amsoshin kansa.

Abin da nake nema bai fi ƙarfin kowa ba, tunda muryar taron tana nan a naɗe. Sakataren ƙungiya ya zauna ya saurara, ya rubuta kowace tambaya yadda mai ita ya yi ta, a ƙarƙashinta ya sa amsar da muƙamin wanda ya bayar, da ranar da aka ɗauki alkawari idan akwai. Waɗanda ba a amsa ba a ware su a ƙarshe, a faɗi ranar da za a amsa. Shugaban ƙungiya da shugaban makaranta su duba tare su sa hannu, a aiko cikin mako guda, kafin abin ya dushe a ƙwaƙwalwar waɗanda suka halarta har su kasa gyara kuskure. Shaidar cewa takarda ta iso kuma a raba ta da shaidar amincewa.

Na mayar da tawa takardar. Na soke kalmar "na amince", na sa hannu a kan "na karanta" kawai, na kuma rubuta a bayanta cewa ina neman a ba ni damar sauraron muryar da aka naɗa, tare da amsar tambayar jarrabawar lissafi a rubuce. Yau kwana takwas ke nan, hutun tsakiyar zango ya ƙare, kuma ɗiyata ta ce har yanzu mataimakin ne ke shigo musu.