Ranar da databes ta yi yajin aiki

Ranar biyan albashi databes ɗinmu ta zaɓa ta ƙi karɓar rubutu. Karatu lafiya lau, amma ko layi ɗaya ka ce za ka ƙara sai ta watso maka wannan:

```
ERROR: database is not accepting commands to avoid wraparound data loss
```

Oga ya zo ya tsaya a kaina, Akanta na bayansa riƙe da kofin shayi. Na gyara zama na fara karatu. Na ce ranka ya daɗe, PostgreSQL lamba take bai wa kowace hada-hadar rubutu, lambar kuma kamar mitar babur take, in ta cika sai ta koma farko. Wajen biliyan 2 kawai take iya waiwaya baya. Layin da ya wuce haka ba a daskarar da shi ba, sai ta ɗauka nan gaba za a rubuta shi, ya ɓace wa kowa. Shi ya sa in saura miliyan 3 take rufe ƙofa. Magani kuwa `VACUUM`, shi ke bin tsofaffin layuka yana daskarar da su. Har da cewa a ba ni minti goma.

Na saki `VACUUM`, ya gama, na duba `age(datfrozenxid)`, mai nuna nisan lamba mafi tsufa da ba a daskarar ba. Biliyan 2.1 da ɗoriya, ko gezau. Na sake, haka. Ofis ya yi tsit, sai kurɓar shayin Akanta. Oga ya kalli agogo ya ce, "Injiniya, minti goman na Najeriya ne?"

Nan Akanta ya samu baki: a kashe a kunna. Mutumin nan komai a kashe a kunna ne, firinta, fanka, har mitar wuta. Kun san shi ne ya riƙe min kuɗin mota na tafiyar Zariya wai rasit ya jiƙe. Oga ya goya masa baya, aka kashe saba, kwamfutar da databes ke kai, aka kunna, saƙon ya dawo yadda yake. Wallahi duk zufar da nake yi sai da na ji sanyi a raina.

Sai yarinyar bautar ƙasa, wadda ko kujera ba a ba ta ba, ta ce a hankali, "Yallaɓai, ka duba `pg_prepared_xacts`?"

Ga ta nan kwance, hada-hada guda mai suna `gwaji1`, ɗan kwangilar bara ya shirya ta ya tafi abinsa. Irin wannan ko an kashe saba ba ta mutuwa, kuma muddin tana nan `VACUUM` ba ya daskarar da abin da ya zo bayanta. Ashe `autovacuum`, mai yin `VACUUM` da kansa, tun daga miliyan 200 yake ta wahalar banza.

```
ROLLBACK PREPARED 'gwaji1';
VACUUM;
```

Ya ɗauki kusan awa, lambar ta zube, rubutu ya dawo. Oga ya sa aka kawo wa yarinyar kujera, tawa aka ɗauka. Akanta kuma har yau yana gaya wa mutane kashewa da kunnawar ce ta yi aiki, jinkiri kawai ta yi.