Ku daina zuga yaron nan da "fair use"

Wallahi masu ba yaron nan na ƙauyenmu shawara sun fi YouTube ɗin ba ni haushi. Kun dai ga yadda aka yi: ya ɗauki bidiyon girbin riɗi, ya sa waƙar wani a ƙarƙashi, kuɗin talla ya koma aljihun mai waƙa. Sai ga lauyoyin teburin mai shayi: "Danna Dispute ka ja da maganar, ka ce fair use ne, ai bai kai sakan 30 ba." Sannunku da alƙalanci!

Babu wata dokar sakan 30, ko a nan ko a Amurka. Fair use ɗin da kuke rerawa, wato damar amfani da aikin wani ba izini a wasu yanayi, dokar Amurka ce, sashe na 107 na dokarsu ta 1976, kuma alƙali ne ke yanke ta bayan an maka ka a kotu. Zai duba me ka yi da waƙar, nawa ka ɗiba, ko ka taɓa wa mai ita ciniki. An fi lamunta ga mai sharhi, mai suka ko mai koyarwa. To riɗin ne ke yi wa waƙar sharhi?

Abin da ya samu yaron mai sauƙi ne. Content ID, manhajar YouTube mai gano waƙoƙin mutane a cikin bidiyo, ita ta gane sautin, ba a yi wa tasharsa komai ba, yana iya shiga YouTube Studio, shafin da mai tasha ke sarrafa bidiyoyinsa, ya sauya kiɗan. Amma in ya bi taku ya ja da maganar, mai waƙa na da kwana 30 ya amsa, kuma yana iya neman a sauke bidiyon. Nan ne ake yi wa tasha gargaɗi, in sun kai uku cikin kwana 90 a rufe ta. Ranar nan ba za a ga ƙeyar ko ɗayanku ba.

"Ai ya rubuta sunan mawaƙin." Madalla. Ɗauki babur ɗin maƙwabcinka ba izini, ka riƙa shelar nasa ne, mu gani.

Ƙanena, don Allah nemi izini kawai. Audio Library, rumbun kiɗe-kiɗen YouTube, na nan kyauta a cikin Studio, sai dai ka duba lasisin kowane kiɗa, wasu sai ka ambaci mai shi. In saye ka yi, adana rasit da takardar lasisi, su ne hujjarka ran da aka yi da'awa. In kuma taka waƙar za ka fitar, ku rubuta da mai situdiyo a Kano kiɗan na wa ne. Kiɗan da aka sayar wa mutum goma ba a yi masa rajista a Content ID.

Ni ko masu tura waƙoƙi a memori ran kasuwar Gujungu, akwai wanda ya taɓa tambayar su ko sisi na isa wurin mawaƙi?