Sai na karɓi albashin Disamba zan ajiye aikin

Makonni uku da suka wuce na tsaya wani kemis a Agege sayen maganin ciwon kai, mai shagon ya ce bari ya auna ni. Na'urar ta nuna 165/100. Ya bar ni na huta minti goma ya sake, ta nuna 160/100. Ya dube ni ya ce, "Malam, daga 140/90 ake cewa hawan jini, ka je ka ga likita." Shekarata talatin da shida.

Ban yi mamaki ba. Ƙarfe huɗu da rabi nake fita daga gida don in isa Lekki kafin takwas, Asuba a Oshodi nake yinta. Da yamma in cunkoso ya kama mu a gadar Third Mainland, sai goma na dare nake shiga gida, yara sun yi barci. Oga kuma ba ya gane dare, sha ɗaya ma kira yake. A daren ranar da aka auna ni na rubuta takardar ajiye aiki. Maman Amira ta karanta ta ce, "Baban Amira, ban hana ka ba, amma ɗauko biro mu yi lissafi tukuna."

Albashina naira 450,000 ne, kuma na daɗe ina ruɗin kaina da wannan adadi. Kuɗin mota kullum 5,000, tun bayan cire tallafin mai a 2023 bai sauko ba. Abincin rana a waje 2,000. Kwana 24 nake zuwa a wata, har da wasu Asabar, ka ga 168,000 aikin da kansa yake cinyewa. Abin da ke shigowa gida 282,000 ne. Wannan ya ɗan kwantar min da hankali, don duk aikin da zai ba ni 300,000 a Ikeja ko Ogba, kusa da gida, bai kasa wannan ba.

Sai muka zo ɗaya gefen. Cefane, makaranta, wuta, data, magani da abin da nake tura wa Hajiya a Katsina, 200,000 ne a wata, ko ina aiki ko ba na yi. Ajiyarmu 900,000. Na ce to, wata huɗu da rabi ke nan. Ta ce na manta Maris, watan biyan haya. Haya a Legas ta shekara ce, mai gida kuma ba ruwansa da hawan jininka. Tamu 600,000. Cire ta, saura 300,000, wata ɗaya da rabi kacal. Wa ya taɓa samun aiki a garin nan cikin sati shida, in ba da hanya ba?

Akwai fansho, amma mutane suna yi masa gurguwar fahimta. Dokar fansho ta 2014 ta yarda wanda bai kai shekara 50 ba ya ciri kashi 25 cikin ɗari na asusunsa, amma sai ya yi wata huɗu ba aiki. Nawa ya kai miliyan 2.4, rabona 600,000, cefanen wata uku. Wato sai na riƙe gida wata huɗu da aljihuna kafin in taɓa shi, 800,000 ga haya 600,000, miliyan 1.4. Giɓin 500,000 ne. Kuma kafin ka dogara da shi ka nemi bayanin asusunka, don akwai wuraren da ake cire kuɗin a albashi ba a zuba ba.

Kawuna mai sayar da albasa a Mile 12 ya ce, "Ɗana, ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari." Abokaina kuma suna cewa lafiya uwar jiki, fita kawai. Ni ina ganin duka biyun sun ɗauki rabi ne. Zaman gida ba kuɗi ga mai gida na buga ƙofa shi ma yana tayar da jini, ga shi inshorar lafiya ta ofis tana tafiya da aikin. Amma haƙurin da ba shi da rana shi ne ya kai ni 165.

Don haka na sa rana. A wurinmu ana ba da ƙarin albashin wata guda a Disamba, 450,000, da ɗan abin da zan matse kafin nan giɓin ya rufe. Yarjejeniyata ta ce notis na wata ɗaya, zan miƙa a farkon Janairu bayan kuɗin ya shiga. Kafin nan ina cin moriyar inshorar: na ga likita, an duba ƙoda da suga, an ɗora ni kan ƙwaya ɗaya kullum. Na sayi na'urar awo, ina rubuta sakamakon safe da dare, wayar ofis kuma ina kashe ta ƙarfe tara.

Sharaɗi ɗaya Maman Amira ta kafa, na kuma amince. In awo ya kai 180, ko na ji ciwon ƙirji ko gani ya dushe, asibiti za mu nufa a take, takardar ajiye aikin kuma ita za ta kai ofis da hannunta, ko Disamba ta zo ko ba ta zo ba. Yau da safe 148/92 na gani.