Kalmomi uku, mazhabobi uku: rigimar malaman Indiya a kan "tat twam asi"

Akwai wata jimla ta harshen Sanskirit da ake yawan liƙawa a shafukan sada zumunta da fassarar "kai ne Ubangiji". Jimlar ita ce tat twam asi. Tat na nufin "wancan", twam "kai", asi kuma "ne". Ra'ayina shi ne wannan fassara ta gajeren zango ba ta wakiltar ko ɗaya daga cikin manyan mazhabobi uku na Wedanta, wato falsafar Hindu mai sharhin tsofaffin nassoshin addinin, da suka shafe ƙarnoni suna jayayya a kanta. Ba wa'azin addinin Hindu nake yi ba, bayanin yadda masu shi suke karanta nassinsu nake yi.

Jimlar tana cikin babi na 6 na Candogya Upanishad, ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan addinin Hindu. Wani malami mai suna Uddalaka ya tura ɗansa Shwetaketu karatu yana ɗan shekara 12, ya dawo yana da 24, kansa ya kumbura. Uban ya tambaye shi ko an koya masa abin da in an san shi an san komai, kamar yadda sanin curin yumɓu guda yake sanar da kai duk abin da aka gina da yumɓu. Daga nan ya yi ta jero masa misalai, yana rufe kowanne da wannan jimla, har sau 9. A ɗaya ya sa shi ya zuba gishiri a ruwa ya bar shi ya kwana. Da safe ba a ganin gishirin, amma ko ta ina aka kurɓa sai a ji shi.

Matsalar a fili take. "Wancan" shi ne Brahman, tushen halitta, masanin komai. "Kai" kuwa saurayi ne mai jin yunwa, mai mantuwa, mai mutuwa. Ta yaya "ne" zai haɗa su?

Mazhabar Adwaita, wadda Shankara ya yi wa jagora wajajen ƙarni na 8, ta ce in ma'anar zahiri ta ci karo da hankali sai a koma majazi. Amma majazin iri uku ne, kuma a nan hikimar take. In aka ce "ƙauyen yana kan kogin Ganga", an yar da ma'anar kogi ɗungurungum, gaɓa ake nufi. In aka ce "jan yana gudu", an riƙe ja an ƙara masa doki. Na ukun shi ne a yar da rabi a riƙe rabi. Misalinsu shi ne "wannan ne Dewadatta ɗin nan": ka gan shi shekarun baya a wani gari, yau ga shi gabanka. Ka ajiye wancan lokaci da wancan wuri, ka ajiye yau da nan, mutumin ya rage. Haka malaman Adwaita suke yi wa ayar. A cire wa "wancan" matsayin mahalicci, a cire wa "kai" jiki da tunani da suna, abin da ya saura a ɓangarorin biyu tsantsar sani ne, kuma guda ne. Ka ga ashe "kai" ɗin da yake alfahari a shafinsa shi ne farkon abin da suke zubarwa.

Ramanuja, malamin ƙasar Tamil wanda al'adar mabiyansa ta sa rayuwarsa tsakanin 1017 da 1137, ya ce wannan ɓarnar kalmomi ce. Hujjarsa ta nahawu ce. In kalmomi biyu suka zo a jere suna nuni ga abu guda, dole kowacce ta zo da dalilinta na daban, kamar "shuɗin bado": shuɗi launi yake faɗa, bado jinsi, fure kuma ɗaya ne. In ka kankare siffofin duka biyu, jimlar ta koma "abu shi ne abu", ba ta sanar da kowa komai ba. Ya ma ƙwace misalin Dewadatta, ya ce babu cin karo a cikinsa tun farko, domin ba abin mamaki ba ne mutum ya kasance can a da, yau kuma yana nan. A wurinsa rayuka da duniya jikin Brahman ne, shi kuma ruhinsu. Kamar yadda kiran sunan mutum yake wuce jikinsa ya isa ga mai jikin, haka "kai" yake wuce Shwetaketu ya isa ga wanda yake juya shi daga ciki. Ma'anar ta zama: wanda ya samar da duniya shi ne yake riƙe da ranka. Bawa yana nan, bauta tana nan.

Sai Madhwa na Udupi a jihar Karnataka ta yanzu, malamin ƙarni na 13, wanda ya yi abin da har yau ake cacar baki a kansa. Kalmar da ta gabaci jimlar ita ce atma, mai ƙarewa da dogon wasalin a. A ƙa'idar Sanskirit, in dogon a ya haɗu da gajeren a, narkewa suke yi su zama dogon a guda. Saboda haka atma tat da atma atat furucinsu ɗaya ne sak, kuma nassin da baki aka riƙa isar da shi. Harafin a a farkon kalma kuwa korewa yake yi. Madhwa ya raba ta hanya ta biyu, ya karanta atat twam asi, wato "kai ba wancan ba ne". Ya kafa hujja da misalan babin kansu, irin na tsuntsun da aka ɗaure da zare: tsuntsu daban, abin da aka ɗaure shi a jiki daban. Kuma uba da yake son sauke girman kan ɗansa, in ji mabiyansa, ba zai ce masa shi ne Ubangiji ba.

To wa ya fi kusa? A ganina rabawar Madhwa ta halatta a ƙa'ida, amma babin ba ya binta da daɗin rai, domin alƙawarin da aka buɗe shi da shi na sanin komai ta hanyar sanin abu guda ne, kuma misalin yumɓu ɗayantaka yake karantarwa. Adwaita ta fi dacewa da wannan buɗewa, sai dai ta biya farashi mai tsada: dole ta mayar da duk ayoyin da suke bambanta bawa da abin bauta zuwa mataki na ƙasa, na wanda bai gama farkawa ba. Ramanuja ne ya fi tattalin kalmomi, bai yar da ko ɗaya ba, amma sai ka fara yarda da aƙidarsa ta jiki da ruhi, wadda ya ɗauko daga wani nassi daban, kafin karatunsa ya zauna. Kowannensu ya riga ya yanke waɗanne ayoyi ne alƙalai, waɗanne ne za a yi wa tawili, kafin ya iso wannan.

Akwai kuma wata ƙura da ta taso daga baya. A 1986 masanin Sanskirit Joel Brereton ya nuna cewa a nahawun wancan zamani, da tat mubtada'i ne da yake nuni ga twam, da ya ɗauki jinsin namiji, alhali a nan ba shi da jinsin namiji ko na mace. Ya ce ya fi dacewa a karanta shi da ma'anar "haka", wato "haka kake, Shwetaketu": yadda gishirin da ba a gani ya game ruwan, haka wani abu da ba ka gani yake riƙe da kai. In wannan karatun ya tabbata, to "wancan" ɗin da Adwaita da Ramanuja suka yi ta fafatawa a kansa, Madhwa kuma ya kore shi, ba suna ba ne a jimlar tun asali.