Yadda Kawu ya shiga cinikin wa'adina

Tunda labarin ya riga ya kai unguwar Badariya ta nan Birnin Kebbi a karkace, har wani ya tare ni a masallacin Juma'a yana cewa ya ji an ɗauke ni aikin dala, gara in ba da shi da bakina.

Kun dai san zaman da na yi tun bayan bautar ƙasa. To ranar wata Litinin sai ga imel daga wani kamfanin casar shinkafa, sun ɗauke ni a sashen ajiya, in riƙa lissafin buhunan da suka shiga sito da waɗanda suka fita. A ƙasan takardar an rubuta cewa in sa hannu in mayar kafin ƙarfe 4 na yammacin Juma'a, in ba haka ba tayin ya tashi. Matsalar ita ce na riga na yi intabiyu da wata ƙungiyar agaji a Gusau, albashinsu ya fi, kuma abin da suka sallame ni da shi shi ne "za mu neme ka". Ba rana, ba wata.

Na kira Yaya, tunda ita ta daɗe a ofishin kula da ma'aikata. Ta ce neman ƙarin lokaci ba laifi ba ne, kullum ana yi, amma yana da ladabinsa. Kada in bari sai ranar Juma'a, domin wanda ya kira saura awa biyu wa'adi ya cika ya nuna cewa tun farko bai ɗauke su da daraja ba. In fara da godiya, in nuna ina son aikin, sannan in faɗi ranar da nake roƙo da sunanta. Ta ce "a ɗan ƙara mini lokaci" ba roƙo ba ne, ciwon kai ne, don manaja ba ta san abin da za ta rubuta a fayil ba. Kuma kada roƙon ya wuce mako guda. Na ce to in ce mata ba ni da lafiya ne? Ta ce, "Kai, a Birnin Kebbi za ka yi ƙaryar ciwo? Kafin la'asar direbansu ya gan ka kana cin tsire." In an tambaye ni dalili, in ce akwai wata magana da na fara kafin tasu ta zo, ina so in rufe ta don in ba su amsar da ba zan janye ba. Sunan wancan wurin da kuɗinsu kuwa, ta ce, ba su cikin zancen.

Na rubuta wannan duka a bayan takardar kuɗin wuta, na haddace.

Yanzu sai wayata. Kun san mai gyaran nan na bakin kasuwa, wanda ba ya ɗaga kai in ana masa magana. Tun kafin azumi na ba shi kuɗin ƙaramar sifikar kunne, ya buɗe wayar, ya hura mata iska, ya rufe, ya ce kayan suna hanya daga Kano. Har yau suna hanya. Ko a ƙafa aka tako da su ta Gusau da Sakkwato ya ci a ce sun iso. In na je sai ya ce, "Yallaɓai, ai tana yi," ya danna babbar sifika, muryar mutum ta cika rumfa, ya miƙo mini kamar ya yi abin kirki. Ma'ana duk wanda na kira, sai dai unguwa ta ji. Ga shi cikin gidanmu sabis ba ya kamawa sai an fita gindin dogonyaron ƙofar gida, inda Kawu ke shimfiɗa tabarmarsa.

Ranar Laraba da hantsi na leƙa, na ga Kawu ya kishingiɗa, hula a kan fuska, rediyo na ta surutu shi kaɗai. Mutum biyu na majalisarsa suna can gefe suna dara. Na ce Alhamdulillahi, barci yake. Na koma bayan bishiyar na kira.

Wallahi farkon ya tafi daidai. Na gaishe da Hajiya, manajar kamfanin shinkafar, na faɗi sunana da aikin da aka ba ni. Na ce, "Ranki ya daɗe, na ga takarda, na gode ƙwarai, kuma aikin ya kwanta mini. Alfarma nake nema. Wa'adin da aka ba ni Juma'ar nan ne, ko zai yiwu a ɗaga mini zuwa Juma'a ta sama?" Muryata ko rawa ba ta yi ba. Har na fara jin kaina wani babba.

Ta ɗan yi shiru, ta ce, "Akwai wani abu a takardar da bai yi maka ba ne, ko wata amsa kake jira?"

Ga amsar a hannuna, a rubuce. Na ja numfashi, na ce, "Ranki ya daɗe, akwai wata magana da na..."

"Hwaɗa mata gaskiya! Na Gusau shika jira, masu biyan dala!"

Hular ba ta ma motsa daga fuskarsa ba. Daga ƙarƙashinta maganar ta fito, da irin muryar da yake kiran yara da ita daga ƙarshen layi. Masu dara suka tsaya, ɗaya da ɗan dara a hannu. Ni kuwa na tsaya riƙe da takardar kuɗin wuta, ina duba ta kamar akwai layin da Yaya ta tanada wa wannan. Na nemi madannin kashe murya, yatsana ya sauka a kan na ƙara ta.

Hajiya ta ce, "Wane ne wannan?"

Na ce, "Rediyo ne." Haka kawai bakina ya faɗa. Kawu ya yaye hula ya tashi zaune ya ce, "Ni ar rediyo? Ni da na yanka maka ragon suna?"

Sai na ji dariya daga can ɓangarenta, kuma ba ta mutum ɗaya ba. Ashe ita ma a sifika ta sa ni. Ta ce, "Ba ni Baba mu gaisa." Ban ba shi ba, shi ya karɓa. Suka gaisa har da tambayar iyali da zafi, ya ce mata "ɗiyata", ta ce masa "Baba". Ya ba ta tarihina tun daga firamare, har da shekarar da na maimaita aji. Ya ce yaro ne mai amana amma bai iya ciniki ba, shi ya sa manya ke sa baki. Ya tambaye ta ko ma'aikata na samun buhu da Sallah. Ya ce mutanen Gusau ba su fi ta da komai ba illa kuɗi. Ina tsaye ina miƙa hannu yana kauce mini da kafaɗa.

Dalar nan kuma ban san inda ya samo ta ba. Abin da na gaya wa Inna shi ne ƙungiyar daga waje ake ba ta tallafi. Daga ɗakin Inna zuwa gindin dogonyaro ya zama ni za a riƙa ƙirga wa dala a hannu.

Da wayar ta dawo hannuna, Hajiya ta daina dariya ta yi mini magana a tsanake, kuma a nan na gane yadda abin yake daga kujerarta. Ta ce Juma'a ta sama ta yi nisa. Shinkafar rani ta fara shigowa, motoci na sauke kaya, sito ba zai zauna ba mai lissafi ba. Kuma akwai wanda ya zo na biyu a intabiyu, ba su sallame shi ba tukuna, suna jira su ji daga gare ni. Duk ranar da ta ƙara mini, daga nasa lokacin ta cira, shi ma yana iya samun wani wuri su tashi a tutar babu. Ta ce za ta iya kai mini zuwa Talata ƙarfe 12 na rana, ba ƙari bayan nan. Ta ce jiran wata amsa bai dame ta ba, wanda ke ɓata musu aiki shi ne mai sa hannu yau, a sallami sauran, a yi masa katin shaida, bayan mako biyu ya ɓace. Sannan in tura imel yanzu, ta amsa, don sabuwar ranar ta zama a rubuce, tunda takardar da ke hannuna har yanzu Juma'a take cewa.

Na ce na gode, Talata ta yi. Yaya ta riga ta gargaɗe ni cewa in an ba ni rabin abin da na roƙa in karɓa, kada in tsaya ja-in-ja.

Imel ɗin layi huɗu ne. Godiya a kan tayin da kuma wayar da muka yi ɗazu, sai cewa kamar yadda muka yi magana an ɗaga wa'adin zuwa Talata ƙarfe 12, da kwanan watan a rubuce, sai alkawarin zan ba da amsa kafin lokacin. Ta amsa da yamma cewa ta amince, ta ƙara da "a gaida Baba".

Kiran Gusau kuwa sai da na hau kabu-kabu na tafi can bayan gari inda ba kowa sai awaki. Na gaya wa jami'insu cewa na samu tayi a wani wuri, wa'adina Talata da rana, amma nasu na fi so, ko za su iya sanar da ni matsayina kafin nan. Wannan ma Yaya ce ta ce in yi, wai roƙon ƙarin lokaci ba shi da amfani in ba ka taɓa ɗaya ɓangaren ba. Mutumin ya yi kirki, ya ce sunana na cikin waɗanda aka tura, amma sai an sa hannu daga Abuja. Na tambaye shi ko zai iya ba ni wani abu a rubuce, ya ce a'a. Ranar Litinin na sake kira, ya ce mai sa hannun ya yi tafiya.

Talata da safe na sa hannu a takardar kamfanin shinkafa na tura.

Ranar da na fara aiki, tun daga bakin ƙofa maigadi ya duba sunana a littafi ya ɗago ya ce, "Au, kai ne mai dala?" Yanzu har masu dako haka suke kirana. Kawu kuma yana gaya wa duk wanda ya zauna a tabarmarsa cewa shi ya karɓo mini kwanakin nan da bakinsa, da an bar ni ni kaɗai da ko awa ɗaya ba a ƙara mini ba. Buhu ɗaya yake bi na, wai ladan dillanci, kuma ya ce ba ya son mai tsakuwa.

Na koma wajen mai gyaran waya da albashin farko, ya ce motar ta lalace a Talata Mafara.